Alkawarin da Ango Zai Faɗa da Bakinsa: Yadda Za a Rage Shafi Uku Ya Koma Minti Ɗaya

Tambaya

Yaya, barka da aiki. Ni ɗan Zariya ne, ina zaune a Birmingham ta ƙasar Ingila. Nan da mako biyar za a ɗaura mini aure a masallaci, washegari kuma mu je ofishin rajistar aure. Amaryar Bahaushiya ce da ta tashi a nan, kuma ta roƙe ni kowannenmu ya rubuta alkawarinsa ya faɗa wa ɗan'uwansa a gaban jama'a. Ni da Hausa nake so in yi nawa. Na rubuta shafi uku, ga su nan na haɗo miki, amma ko ni kaɗai a ɗaki nake karantawa sai murya ta riƙa rawa, harshe ya sarƙe. Iyayenta za su kasance a wurin, kuma ni mutum ne mai kunya. Me zan cire, me zan bari, kuma yaya zan yi in faɗe shi ba tare da na kunyata ba?

Ƙaninki, daga Birmingham

Amsa

Ƙanena, Allah Ya sanya alheri, Ya kai mu ranar lafiya. Rawar muryar nan tana da dalilin da ya wuce kunyarka, domin abin da aka nema daga gare ka abu ne da ba ka taɓa ganin wani ango ya yi a gida ba. A ɗaurin aurenmu wakilin ango ne yake nema, waliyyin amarya ya bayar, a ambaci sadaki, shaidu su ji, a shafa fatiha, ango kuwa yana can gefe cikin abokai da babbar riga bai ce uffan ba, amarya ma tana cikin gida. Ango da amarya su tsaya fuska da fuska su yi wa juna alkawari da bakinsu al'adar auren coci ce ta Turai, kuma rubuta na kanka maimakon maimaita wanda aka gada ƙari ne da ya yaɗu daga baya. Saboda haka ba ka da wani samfuri a kunnenka, shi ya sa da ka zauna rubutu hannunka ya tafi ga abin da ya sani, wato saƙon soyayya na waya da jawabin walima, ka haɗa su suka ba ka shafi uku.

Kafin mu taɓa rubutun akwai abin da za ka yi a wannan makon, domin shi zai nuna maka iyakar filin da kake da shi. A Ingila da Wales, dokar aure ta 1949 ta wajabta wasu jimloli guda biyu da dole kowannenku ya furta a gaban rajistara da shaidu biyu: na farko shelar cewa ba ka san wani dalili na doka da zai hana wannan aure ba, na biyu kuma furucin cewa ka karɓe ta a matsayin matarka. A Ingila waɗannan da Turanci ake faɗarsu, rajistara yana faɗa kana maimaitawa, kuma su ne suke ƙulla auren a idon hukuma. Alkawarin da ka rubuta ƙari ne a kansu, ba ya ƙulla komai kuma ba ya warware komai, don haka ko ka yi tuntuɓe a cikinsa aurenka yana nan daram. Sai dai ba kowane irin biki ne ake yarda a saka ƙarin ba. Mafi arha, wanda ake yi a ƙaramin ɗaki da shaidu biyu kawai, galibi kalmomin doka ne zalla. Ka kira ofishin ka tambaya ko irin wanda kuka biya yana ɗaukar alkawarin kai, ko sun yarda a yi shi da Hausa, da kuma ranar da suke so a aika musu da rubutun, domin sukan so su gani tun kafin ranar, kuma mai yiwuwa su nemi fassararsa.

Dalilin da ya sa suke dubawa shi ne bikin rajista ba a shigar da ibada cikinsa, ba aya, ba addu'a, ba waƙar coci. Wannan ya shafe ka kai tsaye, domin na ga shafinka na biyu ya buɗe da aya, kuma na san Bahaushe Musulmi bakinsa ba ya iya cewa zai yi abu gobe bai ce in sha Allahu ba, tarbiyyar da muka samo daga Suratul Kahfi. Ayar ka ɗauke ta ka kai masallaci ko walima, can ne gidanta. In sha Allahu kuwa ka tambayi rajistaran ƙarara. Idan ya ce babu laifi sai ka sanya ta wuri ɗaya, idan kuma ya ce a cire, ka faɗe ta a ranka kafin ka buɗe baki, ba wanda zai hana ka wannan.

Yanzu ga rubutun. Na karanta shi duka, kuma jimlar farko ta isa ta nuna ciwon da ke damun sauran. Ka rubuta: "Ya ke tauraruwar zuciyata, wadda haskenta ya mamaye dukkan sassan rayuwata tun daga ranar da idanuna suka yi tozali da kyakkyawar fuskarki, ina mai yi miki ƙaƙƙarfan alkawarin cewa ba zan taɓa bari hawaye ya zubo daga idanunki ba har abada." Kalma 41 ke nan ba wurin hutawa na kirki. Mutumin da hankalinsa ke kwance ma da ƙyar zai kai ƙarshenta da numfashi ɗaya, balle wanda gabansa ke faɗuwa. Idan tsoro ya kama mutum numfashinsa yakan koma sama-sama a ƙirji, yawu ya ƙafe, hannu ya ɗauki rawa, sauri kuma ya ƙaru ba tare da ya sani ba. Iskar da za ta ɗauki doguwar jimla a ranar da kake zaune lafiya, a ranar nan ba za ta kai ƙarshenta ba. Da iska ta ƙare a tsakiyar jimla sai maƙogwaro ya matse don ya ƙarasa, kuma wannan matsewar ita ce rawar muryar da kake ji. Ashe rabin matsalar a jikin jimlar take, kuma ita ana gyara ta da alƙalami.

Ka duba kalmomin da ka zaɓa kuma. "Kyakkyawar fuskarki" da "ƙaƙƙarfan alkawarin" suna da daɗin gani a takarda, amma a busasshen baki sun zama ƙannen wasan karya-harshe na yara, irin na kwaɗo da ƙato da suka je ƙoto. Duk kalmar da gaɓarta ta ninku, irin su kyakkyawa, ƙaƙƙarfa, tattaunawa, jajircewa, da duk inda ƙ da k suka biyo juna kusa da kusa, wurin tuntuɓe ne. Hanyar gane su ba ta da wuya: ka karanta da ƙarfi sau uku a jere da ɗan sauri, duk inda harshenka ya sarƙe sau biyu ka ja layi, ka musanya kalmar da wadda kake faɗa a hira. Kada ka ce za ka rinjaye ta da maimaitawa, domin kalmar da ta kayar da kai a ɗakinka za ta sake kayar da kai a gaban surukai. Akwai kuma wani tarko na nahawunmu. Korewar Hausa tana da "ba" biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuma a jimlarka kalma takwas ce ta raba su. Mai firgici yakan manta ta biyun, jimlar ta tsaya a rataye, ya ji da kansa cewa wani abu ya ɓace, ya koma baya nema, daga nan sai komai ya rikice. Idan dole ka yi korewa, ka sa "ba" biyun su kasance kusa da juna, amma mafi sauƙi ka juya maganar ta zama abin da za ka yi.

Wannan ya kawo mu ga babban aibin jimlar, wanda ya fi tsawonta muni: ba gaskiya ba ce. Za ta yi kuka, ƙanena, kuma wata rana kai ne za ka zama sanadi, domin zo mu zauna zo mu saɓa ne, harshe da haƙori ma suna haɗuwa. Duk wata mai aure da ke zaune a ɗakin ta san haka, amaryar ma ta sani, kai ma can cikin ranka ka sani, kuma ina kyautata zaton wannan yana cikin abin da ke shaƙe ka, domin baki yana nauyi a kan maganar da zuciya ba ta sa hannu ba. Alkawari kaya ne, kuma mai hankali yakan ɗaga kaya ya ji nauyinsa kafin ya aza a ka. Ma'aunin da nake ba kowa shi ne, kowane alkawari ya zama abin da za a iya ganin ka yi shi ko ba ka yi ba a wata ranar Talata da ba biki ba salla. "Zan faranta miki rai har abada" ba shi da ranar da za a duba shi. "In na yi fushi zan yi magana kafin gari ya waye" yana da ita, kuma matarka za ta iya riƙe ka da shi bayan shekara goma.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, alkawarinka na gaskiya yana cikin rubutun, ka binne shi ne a ƙasan shafi na uku kamar kana jin kunyarsa. A can ka ambaci lokacin da ka faɗi jarrabawar aiki karo na biyu ka kashe waya kwana uku, ta aiko ƙanenta da tuwo a kula da 'yar takarda. A can ne kuma ka amsa cewa kai mai shiru ne idan ranka ya ɓaci, ka ce tana aikin dare a asibiti. Waɗannan layuka biyar sun fi sauran shafukan duka, domin babu wani ango a duniya da zai iya faɗarsu sai kai, alhali tauraruwar zuciya kowa na iya aronta ya kai wa kowace mace. Da su na gina maka wannan, bari mu ce sunanta Hadiza:

Hadiza.
Ranar da na faɗi jarrabawa karo na biyu,
na kashe waya kwana uku.
Kika aiko ƙanenki da tuwo a kula,
da takarda mai layi ɗaya:
ka ci, gobe ma rana ce.
Tun ranar na san ke ce.
Yau, a gaban iyayenmu, ga abin da na ɗauka.
Zan faɗa miki gaskiya, ko da ba daɗi.
In na yi fushi, zan yi magana kafin gari ya waye.
In kin dawo aikin dare, zan bar ki ki huta.
Zan girmama iyayenki kamar nawa.
Na karɓe ki amana, Hadiza.

Bai kai kalma 90 ba, kuma idan ka faɗe shi a natse, kana tsayawa a ƙarshen kowane layi, zai ci maka kamar daƙiƙa 50 zuwa minti ɗaya. Kada gajartarsa ta sa ka ji kamar ka yi rowa. Tsohon alkawarin auren cocin Ingila, wanda ke cikin littafin addu'arsu na 1662, kalma hamsin da 'yan kai ne kawai, kuma gutsure-gutsure ake faɗarsa, limamin yana faɗa ango yana bi. Ba na so ka kwafe nawa harafi da harafi. Kai ka san ainihin abin da ta rubuta a takardar, kuma kai ka san ko alkawura huɗun nan kana iya ɗaukarsu. Abin da nake so ka lura da shi shi ne yadda aka jera shi da dalilin jerin.

Ya buɗe da sunanta kaɗai, domin ita ce kalmar da bakinka ya fi sabawa da ita, ba ta yiwuwa ka manta ta, kuma faɗarta yana tilasta maka ɗaga kai ka dube ta ka ja numfashi. Daƙiƙun farko su ne mafi tsanani, don haka ba a sa kaya mai nauyi a wurin. Labarin ya biyo baya saboda labari ya fi komai sauƙin faɗa ga mai tsoro, abu ne da ya faru, wannan na jan wancan, ba sai an haddace ba. Alkawuran kuma duk da "zan" aka gina su, kuma da gangan na yi haka. Maimaita kalma ɗaya yana zama kamar matakala, ƙafa ta san inda za ta sauka ko ido bai duba ba. Ban da haka, a rubutun Hausa "na riƙe ki" na iya zama abin da ya riga ya faru, yana kuma iya zama "nâ riƙe ki" na wataƙila nan gaba, bambancin a karin sauti yake, kuma karin sauti na cikin abin da rawar murya take fara ɓatawa. "Zan" ba ta da wannan ruɗani. Layin da ya fi taɓa zuciya kuma na ajiye shi a ƙarshe na gajarta shi, domin idan kuka zai zo a nan zai zo, kuma gara ya same ka saura kalma biyar da ya same ka saura shafi.

Game da surukai, kunyarka ma'auni ce mai kyau, ka yi aiki da ita. Duk layin da ba za ka iya faɗa idonka na ganin mahaifinta ba, ka cire shi ka rubuta mata a wasiƙa ta karanta ita kaɗai. Shafuka biyu da rabin da muka zubar ba asara ba ne, can za su tafi. Ka lura a cikin abin da na tsara babu yabon jiki, babu sunan shagwaɓa, ko "ina son ki" ma babu, amma ba wanda zai saurara ya yi shakkar akwai so. Sirrin da aka tona a ciki, wato faɗuwa jarrabawa, naka ne, kana da ikon bayar da shi. Nata sirrin, ko wata rashin lafiya, ko saɓanin da aka yi kafin iyaye su amince, ba ka da wannan iko. Barkwancin da ku biyu kaɗai kuka gane shi ma ka bar shi, domin idan ka faɗa ɗaki ya yi tsit, shirun nan zai iya kwance maka gwiwa. Haka nan kada ta fara jin wata babbar magana a wurin, irin inda za ku zauna, ko komawa gida Najeriya, ko makomar aikinta. Magana zarar bunu ce, kuma abin da aka furta a gaban shaidu ba ya komawa.

Ka zauna da ita ku daidaita abu uku ba tare da kun nuna wa juna rubutun ba: tsawo, harshe, da yanayi. Idan kai ka yi minti ɗaya ita ta yi huɗu, ko kai ka zo da nauyi ita ta zo da raha, ɗayanku zai ji kunya a wurin. Ku ce minti ɗaya kowa, ku ba wani amintacce guda ya karanta duka biyun ya gaya muku ko sun yi kusa da juna. Ka roƙa kuma a bar ka ka fara, domin idan ta riga ka, za ka tsaya kana sauraron abin da zai narkar da kai sannan a ce ka yi magana.

Kada ka dogara da hadda. Na san ɗan makarantar allo yana ganin karanta layi goma sha uku daga takarda kamar gazawa ne, amma hadda tana tafiya ne a sarƙe, in zobe ɗaya ya ɓalle sauran sun zube, kuma ba mai ɗora ka a wurin. Ka rubuta shi a kati mai kauri wanda bai wuce tafin hannu da yawa ba, da manyan haruffa, kowane numfashi a layinsa kamar yadda na jera a sama. Farar takarda mai faɗi tana kaɗawa ta nuna wa kowa rawar hannunka, har a ji ƙararta a lasifika, waya kuma fuskarta na iya mutuwa ko saƙo ya shigo a tsakiyar magana. Ka yi kati biyu, ɗaya a aljihunka ɗaya a hannun babban abokinka. Babban yatsanka ya riƙa bin layi, ta yadda idan ka ɗaga kai ka dube ta za ka dawo daidai inda ka tsaya. Yadda ake yi shi ne ka duba kati ka ɗauki layi, ka ɗaga kai ka faɗa mata, ka yi shiru ka ja numfashi, sannan ka sake dubawa.

Gwajin kuma a tsaye za ka yi shi, da murya a fili, sau ɗaya ko biyu kullum na kwana goma, kana duba agogo. Karatu a zuci ba ya cikin lissafi, domin ba ya nuna inda iska take ƙarewa. Sau biyu ko uku daga ciki ka hau matakalar bene da sauri ka sauko, sannan ka karanta nan take kana haki, domin wannan shi ne mafi kusa da yadda ƙirjinka zai kasance a ranar. Layin da ya gagare ka a wannan hali ka raba shi biyu. Ka ɗauki muryarka a waya sau ɗaya ka saurara, za ka ji kana sauri fiye da yadda kake zato. Sau ɗaya kuma ka faɗa a gaban mutum mai rai wanda kake ɗan jin nauyinsa, yayarka ko matar abokinka, don kada idon mutum na farko da zai same ka ya zama na surukarka. Daga kwana uku kafin biki kada ka sake canza ko kalma ɗaya, domin baki yakan koma ga tsohon rubutu, sai sabo da tsoho su yi karo.

A ranar, ka kurɓi ruwa kafin a shiga, ka rage shayi da kofi da safe. Idan aka ce bismilla, kada ka fara nan take. Ka fitar da iskar da ke ƙirjinka a hankali tukuna, ka ja sabuwa, sannan ka kira sunanta. Idan ka yi tuntuɓe a kalma, kada ka ba da haƙuri kuma kada ka koma farko, ka maimaita layin nan kaɗai ka wuce. Idan murya ta shaƙe gaba ɗaya, ka tsaya, ka sauke ido kan kati inda yatsanka yake, ka ƙirga uku a zuci. Shirun da kai za ka ji kamar shekara, a kunnen jama'a daƙiƙa biyar ne. Tun a wayar da za ka yi da rajistara a wannan makon, ka gaya masa kai mai fargabar magana ne a gaban mutane, ku shirya cewa idan ka kasa ci gaba za ka tsallaka zuwa layin ƙarshe ka ɗaga masa kai, shi kuma ya ɗauka daga nan ya wuce zuwa musayar zobe ko sa hannu.